Gidan Da Ba Sa Cin Damo

Shekarar da aka katse layin waya a yankinmu, aka hana cinikin dabbobi a kasuwa, aka kuma rufe hanyar Sheme ga motocin haya, a shekarar ce na fara karanta wata takarda da ba ta aji ba. Shafi huɗu ce kacal. Kwana tara na yi a kanta.

Ni manomi ne a wata ƙaramar unguwa bayan Daudawa. Kakanninmu tsafi suka yi, iyayenmu suka shiga coci, wasu daga cikin dangi kuma suka musulunta. Cocinmu ginin ƙasa ne da rufin kwano, ba mu kai gida ashirin ba. Ni ke kaɗa ƙarfen kira ran Lahadi, wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye a bishiyar darbejiya. Na kusa hamsin lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba ni da saurin ɗauka, amma ba na gajiya da maimaici.

Daminar da ta gabaci wannan shekarar wata ɗalibar jami'a ta zo mana. 'Yar Kankara ce, Musulma, mai sanyin magana. Muna ce mata Malama. Ta ce tana son ta zauna da mu, ta ga yadda muke ibada da noma, ta rubuta. Ba mu kaɗai ba, akwai wani coci a wajen Kankara da wani a wajen Damari da take zuwa. Bayan an tashi daga sujada, wato ibadarmu ta Lahadi, ta tsaya ta karanta mana wata takarda da Hausa, a hankali, har sau biyu. Ta ce babu dole. Ta ce ba za ta sa sunan kowa ba, ba za ta sa sunan unguwa ba. Wanda ya yarda ya dangwala yatsa, ta ba shi kwafi nasa. Mutum biyu suka ƙi, ta yi musu godiya, kuma har ta tafi ban taɓa ganin ta rubuta wani abu ba idan su ke magana. Ni na dangwala. Na ninke tawa takardar na jefa a akwatin ƙarfe tare da katin zaɓe, don a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Wata bakwai ta yi tana zuwa tana komawa. Tana da ɗan ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da hannunta. Za ka ga ta rubuta kalma biyu ko uku ta rufe. Da la'asar sai ta zauna a inuwa ta buɗe babban littafi, ta mayar da waɗannan kalmomi biyu su zama shafi guda. Na taɓa tambayarta me ya sa take aiki biyu. Ta ce, "Baba, ƙaramin iri ne, babban shi ne gonar. In na bari ya kwana bai shiga ƙasa ba, sai in manta abin da na gani."

Yanzu sai in faɗi laifina.

Ina da inna, ƙanwar mahaifiyata, ta haura saba'in. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan ubanta da ya zama kango ta gyara ɗaki guda. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata tun ina saurayi. Ba ta da ɗa a kusa, wannan waƙar ita ce mutuncinta. Ran Lahadi tun kafin in kaɗa ƙarfe take isowa, ta zauna a bencin gaba. Wata safiya ta kaka na je gaishe ta ban yi sallama da ƙarfi ba, sai na tarar da ita durƙushe a gindin rumbu da 'yar ƙwarya. Ta dama farau-farau da sabuwar dawa, tana zubawa ƙasa kaɗan-kaɗan, tana ambaton kan-gidansu, wato abin da gidan ubanta ke bauta wa a da. Na koma da baya na yi tari, na sake sallama. Ba ta san na gani ba. Shekara shida na riƙe wannan a cikina.

Sai ranar da muke ɓarar masara a ƙofar gidana, Malama na taya mu. Matata ta shiga ciki, muka rage mu biyu. Ta tambaye ni ko akwai wanda har yanzu bai saki abin da ba. Ba ta kunna na'urar ɗaukar murya ba, hira ce kawai. Ni kuwa na ji daɗin a ce mai ilimin jami'a na neman sani a wurina. Na ba ta labarin duka. Har na ƙara mata da abin da ba ta tambaya ba, na ce gidan su inna ba sa cin damo, saboda kan-gidansu ne. Na ga ta ciro ƙaramin littafi. Ban hana ta ba.

Bayan shekara guda, ana cikin rashin waya, ta dawo da ambulan masu yawa. Ta ce ta gama rubutun farko na takardar da za ta aika wa mujallar masana, amma ƙa'ida ce kafin ta aika ta karanta wa kowa wurin da ta ɗauko daga bakinsa, ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Ta bi gida-gida tana karanta wa kowa nasa shi kaɗai. Da ta zo kaina na ce a'a.

"Malama, wata tara ina aji. Ba ni abina in karanta da kaina."

Ta yi murna ƙwarai. Ta ce, "Kai, Baba, ashe an zama malamai! To ga shi. Amma in ka ga abin da bai yi maka ba, ka gaya mani da wuri."

Ta bayyana mani yadda ta tsara. Ranar Juma'a ta makon sama za ta aiko wa Fasto cikakken kwafi ta hannun direba, don ya yi nazari. Ran Lahadin godiyar kaka kuma za ta zo da kanta ta karanta wa ikilisiya taƙaitaccen bayani. Kafin nan tana gidan kawunta a Kankara. Ta kwatanta mani gidan, ta hau babur ta tafi.

Na fara karatu da safe kafin in tafi gona, da rana kuma in na zauna shan fura. Yatsa a kan layi, harafi bayan harafi. Shafi na farko maganar gayya ce, yadda muke haɗuwa mu nome gonar marar lafiya. Ta ba ni wani suna da ba nawa ba, na yi ta dariya ni kaɗai. Shafi na biyu maganar da na yi ce a kan yadda mahaifina ya daina dafa burkutu. Wannan kowa ya sani, babu komai. Akwai kalmomin da suka gagare ni, na kai su aji na rubuta a allo malamin ya karanta mani, ɗaya-ɗaya, ban nuna masa takardar ba. Allah ne ya sa ban nuna ba.

Ranar Litinin, kwana na tara, na isa tsakiyar shafi na huɗu. Har yau ina iya faɗin layin da ka.

"Wata dattijuwa da ta daɗe da yin baftisma, 'yar gidan da ba sa cin damo, ba ta ɗanɗana sabuwar dawa sai ta zuba farau-farau a gindin rumbu ta ambaci kan-gidansu."

Na sake karantawa, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Ta sauya sunan inna. Ba ta faɗi unguwa ba, ba ta faɗi waƙa ba, ba ta ce gwauruwa ba ce. Ta ɓoye duk abin da mutumin birni zai ɗauka shi ke nuna mutum. Amma a wurinmu kowane tsohon gida an san abin da ba ya ci. Wani gidan hankaka ne ba sa taɓawa, wani kada, wani baƙin maciji. Yaro ma in ka ce masa gidan da ba sa cin damo, zai nuna maka da yatsa. Kuma a duk cocinmu mace ɗaya ta rage daga wannan gidan. Da ta rubuta sunan inna da na ubanta da bai fi haka bayyana ba.

Fastonmu ba mugu ba ne, amma mutum ne mai bin doka, kuma ya yi shekara goma sha a cikinmu, ya san gidaje. In ya karanta wannan dole ya kira dattawa. Na san abin da ke biyo baya, don ina cikin dattawan da suka zauna a kan wani mutum da aka samu da laya a rufin ɗaki. Horo ne. A koma bencin baya, a daina karɓar jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a coci, a ajiye kowane aiki na coci har tsawon watanni. Shi mutumin bai cika watanninsa ba, ya daina zuwa. Na kwatanta inna a bencin baya, wata yarinya na ba da waƙa a gabanta. Na ture ƙwaryar fura gefe.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfe na ciro tsohuwar takardar da na dangwala wa yatsa. A karo na farko na karanta abin da na yarda da shi. Ya ɗauke ni har azahar. Kusa da ƙarshe, sama da shaidar babban yatsana, ga layi: kana da ikon janye maganarka, duka ko wani sashe, a kowane lokaci kafin a buga, ba sai ka faɗi dalili ba. Ta karanta mana wannan layin sau biyu a coci, amma a lokacin ya bi ta kunnena ya wuce.

Waya babu. Dawata ta isa yanka, na riga na gayyaci mutane ranar Talata. Na je na ba su haƙuri, na ce wata larura ta taso. Matata ta dube ni ta ce, "Larurar da ta fi dawa a kaka? Ko mata za ka ƙaro?" Na ce mata in na dawo da amarya ita za ta fara sani.

Da can tafiya Kankara ba wani abu ba ce. A wannan shekarar sai an zagaya ta Funtuwa. Babur, sannan mota, sannan wata motar da ta yi ta jiran cika, ga shingen jami'an tsaro a kan hanya, a sauka a hau. Na fita da hantsi, ban isa ba sai bayan la'asar. Takardun biyu na cikin aljihun 'yar shara, ina ta taɓa su.

Kawun Malama, wani Alhaji mai sayar da hatsi, yana zaune a ƙofar gida. Na gaishe shi na faɗi daga inda nake. Ya ce, "A'a, mutanen ɗiyar tawa ne! Ku ne kuka hana ta aure da wannan rubutu nata. Shigo, shigo." Ya sa aka kawo ruwa, aka kira ta.

Ta fito zaure da mayafi, da ta gan ni sai fuskarta ta sauya. "Baba, lafiya? Wani abu ya faru a unguwa?"

"Lafiya lau. Karatu na gama."

Ta shigar da ni wani ɗaki kusa da zaure inda take aiki. Tabarma cike da takardu, an jera su tuli-tuli, kowane tuli an danne shi da dutse ko kofi. Na ga an ja layi a gefen shafuka da alƙalami kala-kala. Daga baya ta bayyana mani: kore maganar noma, shuɗi maganar coci, ja kuma abin da ya shafi al'adar da. Haka take bin babban littafinta shafi-shafi, tana tattara masu kama da juna, har ta ga abin da suke faɗa in an haɗa su.

Na miƙa mata shafi na huɗu na ɗora yatsa a kan layin.

Ta karanta ta ce, "Na sauya sunan, Baba. Na cire waƙar da take bayarwa, na cire maganar mijinta. Sunayen gaskiya suna wata takarda dabam, a kulle, ko malamina bai taɓa ganinta ba."

"Malama, in na ce maki Alhaji mai hatsi, wanda ɗiyar ƙanwarsa ke jami'a tana rubutu a kan coci, a garin nan na faɗi suna?"

"A'a."

"Akwai wanda ba zai gane ba?"

Ta girgiza kai.

Na ce, "To damon nan haka yake a wurinmu."

Ta zauna a kan tabarma ta dafe kai. Ta ce, "Innalillahi. Ni na ɗauka bayani ne na al'ada. Mai karatu na nesa nake ta tunani, wanda bai san ku ba. Na manta na kusa." Ta ƙara duban layin. "Kuma akwai wanda ya fi wannan. Ita inna ta dangwala mani yatsa, amma a kan waƙoƙi muka yi hira. Wannan maganar ba ta taɓa gaya mani ba. Yardarka na ɗauka na rufe sirrinta da ita, alhali ba kai ke da ikon ba da shi ba."

Na ce, "Ni na buɗe baki."

"Kai ka faɗa, ni na rubuta. Aikina ne in tsaya in tambayi kaina."

Sai muka shiga neman mafita, ita tana kawowa ina rushewa, kamar masu gwada murfi a bakin tukunya.

Ta ce, "In cire damon kawai, in bar wata dattijuwa?"

Na ce, "Dattijai mata biyar gare mu. Yau ana zargin ɗaya, gobe sai a zargi biyar. Kowa zai riƙa leƙa gindin rumbun uwar wani."

"In bar shi ba tare da na nuna daga wane coci ba? Uku ne ai."

"Fastocin nan uku suna haɗuwa taro duk wata. Kowanne zai koma gida yana duban tsofaffinsa. Kin jawo wa matan Damari abin da ba su ji ba ba su gani ba."

Ni kuma na kawo tawa. Na ce ta mayar da ita namiji, ta ce wani tsoho ne da ya riga ya rasu. Nan ita ta ƙi. Ta ce tana iya sauya abin da bai taɓa ma'ana ba, kamar suna ko yawan 'ya'ya, kuma ta sanar da mai karatu cewa ta sauya. Amma dukan wannan sashen a kan mata ne, yadda suke riƙe abin gidan ubansu bayan sun yi aure. In ta ce namiji ne ta yi ƙarya a kan ainihin abin da take son nunawa. "Gara in rasa shi da in gurɓata shi," in ji ta.

Na ce, "To a je a tambayi inna mana, ko za ta yarda."

"In na je na tambaye ta, na gaya mata ke nan an gan ta, kuma an faɗa. Ranta zai tashi ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Kuma tsohuwa ce mai kunya, tana iya ce mani to don kada ta ba baƙuwa kunya. Wannan ba yarda ba ce." Ta dube ni. "Faɗa mata ko rashin faɗa, wannan tsakaninku ne, Baba. Ni nawa shi ne in cire."

Ta ɗauko cikakken rubutun na Turanci ta nuna mani. Ba layi ɗaya ba ne kamar a nawa. Shafi uku ne, a tsakiyar takardar. Ta ce a kansu ta gina komai. Abin da take son ta nuna shi ne, mutanenmu da suka shiga coci ba su zubar da tsohuwar fahimtarsu ta amfanin gona ba, cewa sabon hatsi ba na mai gona ba ne sai an fara ba wanda ya bayar. Ta ce takardar masana ba tatsuniya ba ce, duk abin da ka ce sai ka ajiye shaida a gefensa, kuma labarin inna shi ne shaidarta mafi ƙarfi. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma ta ɗauki alƙalami ta ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, shafi uku.

Na ji tausayinta. Shekara biyu na wahala. Na zauna ina juya maganar da ta faɗa, sabon hatsi ba na mai gona ba ne. Sai na ce, "Malama, in wannan ne kike nema, ai ba sai kin je gindin rumbun kowa ba. Ke ba ki ga abin da muke yi ran godiyar kaka ba?"

"Na gani. Kowa ya kawo dami."

"Wane dami?"

"Na dawa."

"Na farko. Wanda aka fara yanka. Kuma ki tambayi matata ko ta taɓa tuƙa tuwon sabuwar dawa kafin a kai damin nan coci. Ko yunwa ake yi sai dai a ci tsohuwa ko a ci masara. Babu Faston da ya sa mu. Ba ya cikin doka. Haka muka ga iyayenmu na yi."

Ta dube ni kamar na ba ta kyautar saniya. Ta jawo tulin kore ta fara buɗawa da sauri. Ga shi nan. Matar wani ta ce ba a taɓa sabuwa sai an kai. Wani dattijo a wajen Damari ya faɗi haka. A cocin wajen Kankara ta rubuta da hannunta cewa an tsawata wa wata amarya da ta dafa kafin lokaci. Sau da yawa ta rubuta shi, amma duk ta ja masa kore, maganar noma, ba ta taɓa ja masa ja ba. Abin a fili yake, kowa na yi a gaban kowa, shi ya sa bai ja hankalinta ba.

Ta ce, "Ina ta haƙa rami ina neman ruwa, ashe a bakin rafi nake zaune." Ta yi dariya, tana share ido da gefen mayafi. "Sai dai fa aiki ya dawo sabo. Kuma waɗannan ma sai na koma na karanta wa masu su."

Kafin in tashi ta ɗauko babban littafin, ta nemo ranar ɓarar masara, ta yanke ganye biyu da reza ta ba ni. Ƙaramin ma ta cire nasa. Ta buɗe kwamfuta ta goge a gabana. Ta gaya mani gaskiya cewa malaminta ya riga ya karanta rubutun farko. "Zan roƙe shi ya goge nasa, zan kuma sanar da kwamitin jami'a da ya ba ni izinin binciken. Abin da ya shiga kansa ba ni iya cirewa. Amma bai san sunan unguwarku ba, bai san ta ba."

Na kwana a zauren Alhaji. Da safe ya cika mani aljihu da dabino ya ce, "Ka gaida Fastonku. Ka ce mashi ya daina riƙe mani ɗiya."

Ganyen nan na sa su a murhu da na isa gida. Kwafin Fasto bai zo ran Juma'a ba, sai saƙo cewa akwai gyara, za a kawo daga baya.

Na yi kwana biyu ina kai-kawo a raina, sannan na je gidan inna. Babu wanda ya tilasta ni. Na ga dai ba zan iya ci gaba da karɓar furarta ina kallon idonta ba. Na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga safiyar da na gan ta.

Ta ci gaba da tsince wake a faifai. Sannan ta ce, "Kai ne mai tarin nan? Na ce wanga tari ba na mura ba ne."

"Ni ne, Inna."

"Shekara shida ka riƙe, ka rasa wanda za ka ba sai mai littafi. Uwarka ma haka take, ba ta magana, ran da ta yi kuwa sai ta kwashe duka." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake. "Mi ka gane a ciki, da ka ba da labari? Ubana ne ya ce kada in bari rumbunshi ya ci sabo ba a ba ƙasa ba. Alkawari ne. Ni na san wanda nake wa sujada."

"Ki gafarce ni."

"An ƙone?"

"An ƙone."

"To tashi ka ba ni wuri. Boko ya yi rana ɗaya dai."

Ran godiyar kaka coci ya cika da dammunan dawa har bakin ƙofa. Malama ta zo, ta tsaya a gaba da mayafinta, ta karanta taƙaitaccen bayanin da Hausa. Ta soma da cewa duk sunayen na aro ne. Ba ta yi nisa ba ta zo kan abin da na gaya mata a Kankara, wani mutum da ya ce ya shiga aji da furfura don ya gaji da dangwala yatsa. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Wannan ai mai kaɗa ƙarfe ne!" Coci ya kwashe da dariya. Ta karanta na gaba, mata suka juya gaba ɗaya suka dubi mai shi, ita kuma ta rufe fuska da zane. Haka aka yi ta yi. Babu suna ɗaya da ya ɓoye kowa. Amma duk maganganun masu su sun ji su tun kafin ranar, sun ce a bari. Da ta zo kan damin farko, Fasto ya gyaɗa kai ya ce shi kansa bai taɓa lura ba, ya ɗauka haka ake yi ko'ina.

Ni ina zaune ina jin dariyar. Ina lissafa inda shafi ukun nan za su faɗo a cikin karatun da ba a cire su ba, da yadda matan nan za su juya.

Aka ce a yi waƙar rufewa. Inna ta miƙe daga bencin gaba, ta gyara ɗaurin zane, ta ba da waƙa, mata suka amsa.

Takardar ta fito daga baya, bayan masu dubawa sun mayar mata da ita ta yi gyara. Ta kawo wa coci kwafi, da fassarar Hausa mai shafi shida. Na karanta ta cikin kwana uku.

Abin da aka rasa shi ne wannan. Malama ta rasa shafi uku, da ganye uku daga littattafanta, da wata huɗu da ta ƙara tana sake rubutu. Ni na rasa kwana biyu na yankan dawa, tsuntsaye da awakin maƙwabta suka ci mani abin da ya kai dami huɗu. Inna ta yi mako uku ba ta aiko mani da fura ba.